Hutun haihuwa ya ƙare, ga zafi ga rashin wuta: yaya zan ajiye tatsattsen nono?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Saura kwana goma sha biyu in koma aiki, Hanif wata huɗu zai cika ranar Asabar. Ƙarfe bakwai da rabi nake fita, ba na shigowa gida sai huɗu da rabi. Ina so ya kai wata shida a kan nono zalla, amma abu biyu sun tsaya mini. Na farko, jiya na gwada tatsa da hannu, na fi minti ashirin, abin da na samu bai cika cokali uku ba, ga kan nonon sai raɗaɗi yake. Na biyu, unguwarmu a Kano wuta sai ta kwana biyu ba ta leƙo ba, firij ɗinmu ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka. Ga shi mun shiga watan Afrilu. Surukata ce za ta riƙe shi, kuma ta riga ta ce ita ba za ta ba jikanta nonon da ya kwana a kwalba ba.

Amaryar Zariya: Wa'alaikumus salam. Maman Hanif ki dage da kunun kanwa da kunun gyaɗa, ki riƙa shan hulba. Ni da na yi haka har jiƙa riga nake. Ruwan ne bai ishe ki ba.

Maman Hanif: Amarya ruwa kam akwai alhamdu lillah, yaron har wuyansa ya ninke. In ya kama ɗaya, ɗayan zuba yake. Fitar da shi da hannu ne ya gagare ni.

Anti Ungozoma: To kin ba da amsar da kanki. Wadda ɗaya ke zuba in yaro ya kama ɗaya ba ta da matsalar ruwa, hannun ne bai koya ba tukuna. Raɗaɗin da kika ji ya nuna mini kan nonon kika riƙa matsawa kamar mai tatsar saniya. Ruwan ba a kan yake ba, yana can ciki.

Ki wanke hannu da sabulu, ki samu wuri ki zauna ki natsu. Ki jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ki ɗora minti biyu ko uku, sannan ki shafa nonon a hankali daga sama zuwa wajen kai. Sai ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, suna fuskantar juna, kamar faɗin yatsu biyu baya da kan nonon, wato wajen bakin baƙin da'irar nan. Ki fara danna yatsun baya zuwa ƙirjinki, sai ki haɗa su ki matsa, sai ki saki. Danna, matsa, saki, haka za ki yi ta yi kamar bugun zuciya. Kada yatsun su riƙa zamewa a kan fata, nan ne ake samun saɓulewa da zafi. In wurin ya daina kawowa ki zagaya da yatsun gefe, don ko'ina akwai hanyoyin ruwa. Bayan minti uku zuwa biyar ki koma ɗayan, ki sake dawowa, har minti ashirin ko talatin.

Minti ɗaya ko biyu na farko ba za ki ga komai ba sai ɗigo. Kada ki ƙara ƙarfi. Jira ake yi ruwan ya sauko, za ki ji wani tsir-tsir a ciki, sai ki ga ya fara feshi. Fargaba da sauri su ke hana shi saukowa, shi ya sa ranar farko kowa cokali uku take samu.

Ummu Sadiq: Gaskiya ne Anti. Ni a banki nake, na yi wannan da yara biyu. Dabarar da ta fi yi mini aiki wajen koyo: da asuba, lokacin da nonon ya fi cika, Sadiq yana shan dama ina tatsar hagu a kofi mai faɗin baki. Shi ya sauko mini da ruwan, ni kawai karɓa nake. A ofis kuma hular da ya kwana da ita nake tafiya da ita, in shinshina kafin in fara. Kada ku yi dariya, wallahi yana aiki.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai shawarata ki sayi famfon tatsa ki huta. Hannu gajiya ne.

Ummu Sadiq: Famfo yana da daɗi in kina da inda za ki wanke shi. Ni na saya, amma a wurin aiki ruwan ma sai an yi sa'a, ga robobinsa ƙanana guda biyar da nono ke maƙalewa a lungunansu. Da na ga haka sai na koma hannu. Hannu da kwalba ɗaya, shi ke nan.

Maman Hanif: Allah ya saka. Zan gwada da asuba. To nawa ma zan bar masa? Na ga wata ta nuna firiza cike da ledoji, sai gabana ya faɗi.

Anti Ungozoma: Ki rabu da masu cika firiza, 'yata, ba ƙasarku ɗaya ba, ba wutarku ɗaya ba. Yaron da ke kan nono zalla tsakanin wata ɗaya da shida, abin da yake sha a yini da kwana bai cika wuce mil 750 zuwa 800 ba. In kin raba, kowace awa da ba kya nan kamar mil 31 zuwa 33 ne. Awa tara kike yi a waje, ke nan mil 280 zuwa 300. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin ki fita, ki raba wancan gida uku, kowace kwalba mil 90 ko 100. Da kin shigo kuma ki ba shi kafin ki cire mayafi. Wasu yaran ma ƙin sha sosai suke da rana su rama da dare, kada hakan ya dame ki in dai yana fitsari akai-akai, fitsarin ba ja ba, kuma awo yana nuna yana hawa.

Abin da ke gabanki ba tara na wata guda ba ne. Na yau ki tatsa don gobe.

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni ina bayan surukar. Mu da muka yi goyo, ko kasuwa mace ta je ta daɗe, sai ta tatse na farko ta zubar ta wanke kafin ta ba yaro, don ya yi tsami a jiki. To balle wanda aka fitar aka sa a kwalba. Nonon shanu ma in kika bar shi da safe, kafin la'asar ya zama kindirmo. Ku nema wa yaron nan madarar gwangwani da rana, da dare uwarsa ta ba shi.

Anti Ungozoma: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarki gaskiya ce, rabin kuma sai na roƙi afuwa. Nonon da ke cikin jiki ba ya tsami ko uwa ta yini a waje, ba a zubar da shi. Wanda aka fitar kuwa yana lalacewa, shi ya sa yake da lokaci. Amma ba ya saurin lalacewa kamar madarar gwangwani da aka dama, don nonon uwa da abubuwan da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa yake fitowa. Madarar gwangwani in an haɗa ta, awa biyu ne iyakarta a waje, ga ruwan da za a dama ta da shi, ga fida da ba ta wankuwa. Yaran da na fi gani da gudawa a bazara, daga nan suke fitowa.

Ummu Sadiq: Anti a nan nake da ja. A asibitin da na yi awo an ce mana awa takwas yake yi a ɗaki in an rufe. Wata kuma ta ce mini huɗu. Wanne za a ɗauka?

Anti Ungozoma: Duka biyun an rubuta su. Masu cewa awa shida zuwa takwas suna nufin an tatsa cikin tsafta sosai kuma ɗakin da sanyi. Masu cewa huɗu, kamar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun ɗaure maganar da cewa zafin ɗakin bai wuce digiri 25 ba. To ki gaya mini wane ɗaki ne a Kano yake 25 da azahar a watan Afrilu, lokacin da waje ke haura 40? A hunturu zan iya kawar da kai in an kai awa shida. A wannan zafin ko huɗun ban yarda a cika ba in a fili aka ajiye.

Ummu Sadiq: Ni dai na sha barin na safe har ƙarfe ɗaya, Sadiq bai taɓa ko atishawa ba. Amma na yarda a Disamba na koma aiki.

Malama Ta-Maraɗi: Sannunku. Mu nan abin da mata ke yi, a rufe kwalbar gam, a tsayar da ita cikin kwano mai ruwan randa, ruwan ya kai wuyanta kada ya taɓa murfin, a ajiye a gindin randar inda yashi ke jiƙe. Wasu ma tukunya biyu suke yi, ƙarama cikin babba, a cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana riƙe tumatir da alayyafo kwanaki. Ba za ta riƙe nono kwana ɗaya ba?

Anti Ungozoma: Malama dabarar tana da kyau, kuma a bushewar iska irin ta yanzu ta fi aiki, don ruwan da ke tashi daga jikin tukunya shi ke janye zafin. Amma tumatir daban, nono daban. Firij digiri 4 yake, randa ba ta kusa da nan. Abin da randa ke yi miki shi ne ta mayar da ɗaki mai zafi ya zama kamar ɗaki mai sanyi, wato ta ba ki awa huɗun nan da kwanciyar hankali. Kwana kuwa a'a, ban yarda ba.

Malama Ta-Maraɗi: To ni na ga waɗanda ke kai wa awa shida da ita lafiya lau. Amma kwana kam ban taɓa gani ba, tambaya ce.

Maman Hanif: To yanzu na ruɗe. In awa huɗu ne, na ƙarfe goma kawai zan iya bari. Na azahar da na la'asar fa?

Ummu Sadiq: Kula da ƙanƙara, 'yar uwa. Ƙaramar kula mai murfi mai kyau, irin ta kai abinci asibiti. In ƙanƙarar na nan da ƙarfinta tana manne da kwalaben, nono yana kai awa 24. Ki sami guda biyu, ɗaya ta bi ki ofis, ɗaya ta zauna gida. Abin da kika tatsa a wurin aiki ki dawo da shi a kula, shi za a ba shi gobe. Na safen da kika tatsa kafin fita a fara ba shi ƙarfe goma tunda bai shiga sanyi ba, sauran biyun su biyo baya.

Anti Ungozoma: Ummu Sadiq kin kawo hanya, amma jerin ya juye. Mu lissafa. A ce ranar Talata ta tatsa sau biyu a ofis, goma da rabi da ɗaya da rabi. Na goma da rabin nan awa 24 ɗinsa zai cika Laraba goma da rabi. In aka bar shi sai sha biyu da rabi ya wuce lokaci. Saboda haka ranar Laraba ƙarfe goma a ba shi na jiya goma da rabi, sha biyu da rabi a ba shi na jiya ɗaya da rabi. Na asubar Laraba kuma kada a bar shi a waje, a sa shi a kula tun da safe a kwalbarsa daban, shi ne na ƙarfe uku. Kullum wanda ya fi tsufa shi ake fara bayarwa.

Ƙanƙarar kuma ba a saya sau ɗaya a manta. Ki canja da yamma in kin dawo, ki duba da safe kafin ki fita. In kin buɗe kika tarar ta narke tas, ruwan ya daina cizon hannu, to kular ta zama ɗaki, kuma ba ki san tun yaushe ba. Wannan nonon a zubar. Ki bar ƙanƙarar cikin ledarta ko gorarta, don ruwan da ake yin ta da shi ba na yarda ba ne, kada kwalba ta yi iyo a ciki.

Ummu Sadiq: Haka ne, na karɓi gyara. Ni firij ɗina na kan sola shi ya sa ban taɓa wannan lissafin ba, a can kwana huɗu yake yi. Sai dai a can ciki nake turawa, ba a jikin ƙofa ba inda yara ke buɗewa kowane minti.

Maman 'Yan Biyu: To ranar Litinin fa? Na Juma'a ai ba zai kai ba.

Anti Ungozoma: Ba zai kai ba. Na Juma'a a ba shi a daren ko safiyar Asabar da kofi, ko ta kai gidan da ke da firij mai wuta tsayayya. Na Litinin kuma ta tatsa ranar Lahadi, ɗaya da hantsi ɗaya da azahar, bayan ya sha.

Maman 'Yan Biyu: Maganar kai wa gidan wasu ta tuno mini abin da ya same ni. Na tara ledoji kusan ashirin a firizar maƙwabciyata. Sati ɗaya janaretansu ya lalace ba ta gaya mini ba, da aka gyara komai ya sake daskarewa. Sai da na ga ledojin sun canja siffa, nonon ya taru a gefe ɗaya ya daskare a karkace, sannan na gane ya narke ya koma. Na zauna na yi kuka na zubar da su duka. Har yau ina tunanin ko asara na yi a banza.

Anti Ungozoma: Ba a banza ba. Wanda ya narke gaba ɗaya ba a mayar da shi firiza, awa 24 gare shi a firij, in a waje ne awa biyu. Da a ce kin same shi da sauran ƙanƙara-ƙanƙara a ciki, ana iya mayarwa. Tunda ba ki gani ba, ba ki da hujja. Mai firiza a ƙasar nan ta daskarar da ruwa a ƙaramin kofi ta ɗora kwabo a sama. In ta zo ta ga kwabon a ƙasan kofin, ta san abin da ya faru a bayanta.

Amaryar Zariya: Ai da kin tafasa shi kin ba su, tafasa na kashe komai.

Anti Ungozoma: A'a Amarya. Tafasa ba ta gyara nonon da ya lalace, mai kyan kuma lalata masa abubuwan kariya take. Maman Hanif wannan ki gaya wa surukarki da kyau, don tsofaffi da sun ga abu mai sanyi wuta suke nufa. A tsayar da kwalbar a kwanon ruwan ɗumi daga flas minti kaɗan, a ɗiga a bayan hannu, in ba a ji zafi ba an gama. Za ta ga maiƙo ya taso sama, ƙasan ya yi ruwa-ruwa har da ɗan shuɗi. Ba lalacewa ba ce, a jujjuya a hankali zai haɗe. Wanda ya lalace warin tsami yake yi sosai, kuma ko an juya gudaji-gudajin ba sa bajewa. Wani nonon in ya kwana a sanyi yakan yi ɗan warin sabulu, wannan ba komai, in yaro ya karɓa a ba shi. Amma hanci ba ya maye gurbin agogo. In lokaci ya wuce, ko bai yi wari ba a haƙura. Abin da ya rage a kofi bayan yaro ya sa baki, in awa biyu ta wuce a zubar, shi ya sa na ce kwalba uku ƙanana ba babba ɗaya ba.

Maman Hanif: Wace irin kwalba? Ina da na zuma da na bama da yawa.

Ummu Sadiq: Na gilas masu faɗin baki sun yi, in murfin na roba ne mai rufuwa gam, don na ƙarfe yana tsatsa. Ki wanke da sabulu da ruwan zafi, ki tafasa su minti goma, ki kife su bushe da kansu, kada ki goge da tsumman kicin. Ki auna mil 90 da sirinji ko kofin maganin yara sau ɗaya, ki yi alama a jiki. Gorar ruwa da aka sha da ledar ƙulla ƙanƙara kada ki soma. Ki manna takarda ki rubuta rana da lokaci, surukarki kuma ki sa mata 1, 2, 3 manya. Kada ki zuba mai ɗumi a kan wanda ya riga ya yi sanyi, sai shi ma ya huce a kula.

Malama Ta-Maraɗi: Ki rubuta sunan yaron ma in akwai wata mai tatsa a ofis ko gidan. In aka yi musanya ba maganar lafiya kaɗai ba ce, akwai batun 'yan'uwantakar shayarwa.

Hajiya Babba: Yauwa, wannan ma abin dubawa ne. Amma ai sai ya kama nono da bakinsa ko?

Malama Ta-Maraɗi: Abin da na ji, malamai da yawa sun ce ko da kofi ne in ya isa ciki ya shiga hukunci, akwai kuma saɓani kan sau nawa. Wannan a kai wa malamai, ba mu ba.

Maman Hanif: A wurin aikin fa, ba mu da wani ɗaki sai bayi da ɗan masallacin mata.

Ummu Sadiq: Bayi kam a'a, abincin yaro ne. Masallacin ya isa, hijabi babba da mayafi a cinya. Kuma ki yi wa shugabanku magana tun kafin ki dawo. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ba alfarma kike roƙo ba. Kada ki riƙa tsallake tatsar don aiki ya yi yawa, nonon da ake bari cike shi ke rage ruwa.

Anti Ungozoma: In kuma kin ji wani wuri ya yi tauri yana zafi, ki ci gaba da shayarwa a wannan ɓangaren, kada ki murje shi da ƙarfi. In ya yi ja, zazzaɓi da rawar ɗari suka biyo, ki je asibiti, ba a kwana biyu ana jira.

Hajiya Babba: Ni har yanzu raina bai kwanta da na kwana ba. Amma in za a yi, ki zaunar da surukarki ki tatsa a gabanta, ta gani da idonta, ta ba shi da hannunta kina nan. Ba mu son a zo mana da takarda a ce ga doka. Kuma a bar ta ta ɗan ba shi ruwa, zafin nan ya yi yawa.

Anti Ungozoma: Shawarar farkon ta fi duk abin da na faɗa, Hajiya. Ruwan ne dai a'a kafin wata shida, mafi yawan nono ai ruwa ne. In tana ganin ƙishi a ƙara masa kwalba ta huɗu ƙarama.

Maman Hanif: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana uku. Da asuba yana sha ina tatsa, shekaranjiya mil 30, jiya 45, yau 70, raɗaɗin kuma ya tafi. Na gwada kular da kwalbar ruwa kawai: ƙanƙarar da na sa ƙarfe biyar na yamma ta kai asuba da saura, amma ta safen ta narke kafin ƙarfe biyu. Inna ta yarda ta ba shi da kofin shayi, sai dai ta ɗaga kofin ta zuba masa, ya ƙware ya yi ta tari, yanzu ta ce ita fida za ta saya.

Anti Ungozoma: Ba a zubawa. Ta zaunar da shi a cinya a ɗan miƙe, ta tallafe wuyansa, ta ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ta karkata har nonon ya taɓa leɓen kawai, ta tsaya. Shi zai riƙa zuƙa da kansa. Gobe ki fita tsakar gida ki bar su su biyu, yana jin ƙanshinki ba zai kula kofi ba. Ƙanƙarar rana kuma ki ninka ta, ki naɗe kular da bargo a ɗakin da rana ba ta bugawa, ki sake gwadawa kafin Litinin.

Maman 'Yan Biyu: Nawa ake sayar da ƙanƙarar a wajenku yanzu? Mu nan tun da zafi ya shigo sai an yi layi, ran nan ma ban samu ba.

Maman Hanif: Mu ma haka. Baban Hanif ya ce zai yi magana da mai shagon bakin titi ya riƙa ajiye mana guda biyu safe da yamma, a biya shi na wata. Ranar da ba a samu ba kuma ban san yadda zan yi da na la'asar ba tukuna.